Layin Mai Tukunya a Littafin Albashi

A masana'antar sabulun da ke bayan tashar jirgin ƙasa babu wanda ke kiranta da sunan yanka. Uwar Albashi ake ce mata. Direbobi ne suka laƙaba mata tun tana da ƙuruciyarta, sunan ya bi ta har ta fara furfura. Ofishinta wani ɗan ɗaki ne a saman bene, mai taga ɗaya da ke kallon filin da ake loda katan-katan a manyan motoci. Akwai tebur, akwai kwamfuta, akwai kabad na ƙarfe mai aljihu huɗu wanda na ƙasan ba ya buɗuwa sai an sa masa ƙafa. Fankar sama kuwa ta tsufa, tana juyawa tana ƙara kamar mai gyangyaɗi. Komai na ɗakin ƙamshin sabulu yake yi, har takardun. Idan ta koma gida da yamma 'yarta ta kan shinshina mayafinta ta ce, "Mama, yau na lemun tsami kuka dafa."

Ita 'yar mai awo ce. Mahaifinta yana da sikeli a bakin kasuwar hatsi, kuma tun tana shekara bakwai take zama kusa da shi bayan an tashi daga makaranta, tana rubuta masa nauyin buhuna a wani littafi mai baƙin bango. Yarinya ce mai tafiya cikin tunani. Sai a yi mata magana sau uku tana kallon allurar sikeli tana rawa kafin ta tsaya. Uwarta ta sha cewa wannan yarinya wata rana za ta faɗa rijiya tana ƙirga taurari. Amma duk nisan da hankalinta ya yi, hannunta bai taɓa rubuta bakwai a madadin tara ba. Mahaifin ya lura da haka, ya ƙi cire ta daga makaranta, har ta yi karatun lissafin kuɗi na shekara biyu. Da masana'antar ta nemi mai rubuta albashi, ta je da takardunta a cikin leda, aka ɗauke ta.

A lokacin da hannu ake komai. Littafin albashi faɗinsa ya kai tabarmar yaro, sai ta miƙe tsaye kafin ta kai ƙarshen shafi. A nan ta koyi abin da ya zama aikinta na shekara ashirin da huɗu: kowane ma'aikaci layinsa ɗaya, daga hagu sunansa da albashinsa, sai alawus, sai abin da ake cirewa na fansho, sai haraji, can dama abin da zai kai gida. Da kwamfuta ta zo layukan suka koma cikin gilashi, amma ita ba ta daina ganin mutanen a cikinsu ba. Ta san wanda ya yi aure domin ya fara neman aikin bayan lokaci. Ta san wanda matarsa ta kwanta asibiti domin ya karɓi rancen albashi sau biyu a jere. Wani lokacin da azahar, idan zafi ya sauko, injuna suna gunji daga ƙasa, sai ta zuba wa allon ido har lambobin su narke, ta ga kamar mutum ɗari da arba'in ne suke tafiya a jere a kan wata doguwar hanya, kowa da kayansa a ka, ita kuma tana zaune a bakin hanya tana amsa gaisuwa.

Mijinta mai gyaran agogo ne, yana da ɗan shago a ƙarƙashin wani bene. Mutum ne mai barkwanci. Ya kan ce su biyun sana'arsu ɗaya, shi yana gyara wa mutane lokaci, ita tana biyansu kuɗinsa. Sun haifi uku, biyu maza sun kama gabansu, auta mace tana gida tana karatun jinya. Zamansu ba na masu kuɗi ba ne, amma ba su taɓa kwana da yunwa ba, kuma gidan ba ya rabo da ƙarar agoguna da ba su yarda da juna ba, wannan ya ce ƙarfe uku, wancan ya ce da saura.

A watan Mayu na shekarar da ake magana, yana zaune a shago da madubin ido ɗaya a fuskarsa, sai ɗan ƙarfen da ke hannunsa ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Maƙwabcinsa mai sayar da batura ne ya kai shi asibiti. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, an yi sa'a ba ta yi tsanani ba. Makonni uku Uwar Albashi tana raba kanta biyu, safiya a gefen gadonsa, rana a ofis, yamma ta koma. Albashin watan ta yi shi ne ido na rufewa. An biya kowa a kan lokaci, babu wanda ya yi ƙorafi, ita ma ta manta da watan kamar yadda ake manta mafarkin zazzaɓi.

Mijin ya dawo gida yana jan ƙafa, bakinsa ya ɗan karkace, amma barkwancin yana nan. Watanni suka wuce. Aka biya albashin Disamba, shekara ta ƙare.

Makon farko na Janairu shi ne lokacin da ta fi so a aikinta, ko da yake sauran ma'aikatan ofis ƙinsa suke yi. Shi ne lokacin daidaita lissafin shekara. Harajin da ake cire wa ma'aikaci kowane wata hasashe ne: ana ɗaukar albashin watan a ninka sau goma sha biyu, a fitar da harajin shekara, a raba shi goma sha biyu. Sai shekara ta ƙare ake sanin gaskiya. A tara duk abin da mutum ya samu a zahiri, a cire fansho, a cire kason da doka ta yafe, a lissafa harajin da ya hau kansa na shekarar, sannan a ajiye shi kusa da jimillar abin da aka riga aka cire masa aka kai wa hukumar haraji. Idan biyun suka yi daidai, an wuce. Idan an cire fiye da kima, a mayar masa. Idan an cire ƙasa da kima, akwai giɓi, kuma dole a cike shi kafin masana'anta ta miƙa rahotonta na shekara a ƙarshen wata.

Ba ta yarda da jimillar kwamfuta ita kaɗai. Ta kan fito da fayil ɗin kowane mutum, ta duba takardun da aka rubuta masa cikin shekarar, ta sake lissafin da kalkuleta. Tana yi tana shan shayi mai sanyi, domin kullum mantawa take da shi sai ya huce. Layi bayan layi sifili yake fitowa a ƙarshen shafi, kuma kowane sifili yana sa ta jin wani sanyi a ƙirji, kamar an rufe ƙofar ɗaki a hankali a kan yaro mai barci.

Ranar Laraba da hantsi ta iso layi na tamanin da bakwai, layin Mai Tukunya.

Shi ne dattijon da ke kula da babbar tukunyar tururi, wadda in ta tsaya duk masana'antar ta tsaya. Ya riga ta zuwa wurin da shekara shida. Dogo ne, siriri, ba ya jin magana sosai da kunnen hagu saboda ƙarar wuta. Duk ƙarshen wata ya kan hawo bene ya karɓi takardar albashinsa da hannu biyu, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihun gaba, ya ce, "Allah ya saka, Malama," ya sauka. Iyakar hirarsu ke nan.

A fayil ɗinsa ta tarar da wasiƙar watan Mayu: an naɗa shi shugaban masu aikin tukunya, da alawus na dubu ashirin kowane wata. Ta duba allon. Alawus ɗin yana nan, an biya shi wata takwas cif. Sai dai ba a gurbinsa yake ba. An shigar da shi a gurbin kuɗin da ake mayar wa ma'aikaci idan ya kashe nasa a tafiyar aiki, wanda haraji ba ya hawa kansa. Kwamfutar ta bi abin da aka gaya mata, ta ci gaba da cire masa dubu huɗu da ɗari biyar kamar yadda take yi tun Janairu.

Ta jawo farar takarda. Albashinsa bayan fansho dubu saba'in ne a wata, dubu ɗari takwas da arba'in a shekara. Alawus na wata takwas, dubu ɗari da sittin. Jimilla miliyan ɗaya daidai. Doka ta yafe dubu ɗari uku na farko, saura dubu ɗari bakwai. Dubu ɗari shida na farko ana cire musu goma cikin ɗari, dubu sittin ke nan. Dubu ɗarin da ta haura ana cire mata ashirin cikin ɗari, dubu ashirin. Harajin shekara dubu tamanin. Abin da aka cire masa, dubu huɗu da ɗari biyar sau goma sha biyu, dubu hamsin da huɗu.

Giɓin dubu ashirin da shida.

Ta sake yi. Ta sake. Sannan ta buɗe wurin da kwamfuta ke nuna wanda ya shigar da kowane abu da ranar da ya shigar. Ita ce. Ashirin da uku ga Mayu, ƙarfe huɗu da minti goma na yamma. Ta tuna ranar. Ranar ce aka ce za a fara gwada tsayar da mijinta a kan ƙafafunsa da ƙarfe biyar, tana sauri kada ta rasa.

Ta daɗe zaune. Daga taga tana ganin tururi yana fita daga bututun ɗakin tukunya, fari sol, yana hawa yana bajewa. Wata mota tana ja da baya, wani yana buga mata gefe yana cewa zo, zo, zo. Sai ta ga kanta tana shekara bakwai a bakin kasuwa, mahaifinta yana leƙo littafin ta saman kafaɗarta, numfashinsa kawai take ji. Shekara ashirin da huɗu ana cewa a masana'antar, in Uwar Albashi ta rubuta, ka sa hannu ido rufe.

Wani tunani ya zo mata, ya zauna kusa da ita kamar baƙo mai ladabi. Idan ta bar alawus ɗin a inda yake, layin zai nuna sifili. Akantan masana'anta, mai duba lissafinta, ba zai buɗe fayil ɗari da arba'in ba. Ta bar baƙon ya zauna har shayinta ya gama hucewa. Sannan ta tuna cewa masu binciken hukumar haraji su kan zo bayan shekara biyu ko uku, kuma giɓin ba zai tsaya a dubu ashirin da shida ba, kowane wata ƙaruwa zai yi, ya faɗo wa dattijon a lokacin da ya ajiye aiki ba shi da albashin da za a cira. Ta ɗauki takardar ta nufi ofishin akanta.

Akanta sa'an babban ɗanta ne, mai gilashi, kullum da alƙalami a bayan kunne. Ya karanta takardar sau biyu.

"Anti, wa ya shigar da shi a nan?"

"Ni ce, yallaɓai."

Ya ɗago ya dube ta, ya duba kwanan watan. Shi ne ya sa hannu a takardar izininta na zuwa asibiti a wancan watan.

"Ni ma na sa hannu a albashin Mayu ban gani ba," in ji shi. "To. Ga yadda za a yi. Ki mayar da alawus ɗin gurbinsa tun daga Mayu, ki gyara lissafin kowane wata. Dubu ashirin da shidan masana'anta za ta biya hukuma a wannan makon, kafin mu miƙa rahoton shekara, domin mu doka ta ɗora wa cirewa da kaiwa. Kuɗin jinkiri da za su ɗora, namu ne, ba za a taɓa Baba Mai Tukunya da shi ba. Amma harajin kansa nasa ne, shi ya karɓi kuɗin. Dole ya dawo da shi."

"A cire a albashina."

"Anti."

"Ni na yi kuskuren. Mutumin nan bai san hawa ba bai san sauka ba."

"Kuɗin yana aljihunsa ne, ba naki ba. In kina son ki yi masa kyauta, tsakaninku ne, ba ruwan littafina. Amma a rubuce, bashin yana kan sunansa." Ya ciro alƙalamin ya juya shi. "Zan yi wa manaja magana a raba masa a hankali, kada a kwashe a wata ɗaya. Sai ya yarda ya sa hannu. Kuma ki sani daga wannan watan harajinsa zai koma daidai. Nawa ne?"

Ta riga ta lissafa. Da alawus na shekara cikakkiya, harajinsa dubu casa'in da shida ne, dubu takwas a wata.

"Daga huɗu da rabi zuwa takwas, ga kuma biyan bashi," in ji akanta, ya ja tsaki a hankali. "In kira shi in gaya masa?"

"A'a. Ni zan je."

Da yamma ta gaya wa mijinta. Yana zaune a tsakar gida yana matsa ƙwallon roba da hannun da ya shanye, kamar yadda likita ya ce. Ya saurara har ta gama.

"Ashirin da uku ga Mayu," in ji shi, maganar tana fita a hankali. "Ranar da na tsaya?"

"Ranar."

"To ai ni ne ɓarawon. Ki kai musu ni." Ya yi dariyarsa ta gefe ɗaya. Da ya ga ba ta yi ba, sai ya ajiye ƙwallon. "Maman yara, agogon da ya fi kowanne kyau a shagona yana rasa minti ɗaya a wata. Ban taɓa jefar da shi ba. Saita shi nake yi."

"Agogo ba ya cin abincin wani."

"Gaskiya ne," in ji shi. Auta ta fito da kwanon ruwan ɗumi za ta gasa masa ƙafa, suka bar maganar.

Washegari lokacin hutun rana ta sauka bene, ta ratsa filin lodi, ta bi ta bayan rumbun mai. Ba ta taɓa shiga ɗakin tukunya ba. Zafi ya tare ta tun daga ƙofa. Ciki duhu-duhu ne, haske yana saukowa daga wasu tagogi can sama, yana ratsa tururi kamar zare. Bututu ko'ina, wasu an naɗe su da farin ƙyalle, ruwa yana ɗiga a wani wuri da ba ta gani. Tukunyar kanta ta kai girman motar haya, tana numfashi. Ta ji kamar ta shigo cikin wata dabba mai barci.

Mai Tukunya yana zaune a kan benci kusa da agogunan awo, yana cin burodi da shayi. Da ya gan ta ya miƙe da sauri har shayin ya zube.

"Malama! Lafiya? Ke da kanki?"

"Lafiya lau, Baba. Sannu da aiki. Magana na zo mu yi."

Ya goge benci da hularsa, ya koma ta ɓangaren da kunnensa na dama zai fuskance ta. Ta shimfiɗa takardar a tsakaninsu ta bi da shi layi layi, tana ɗaga murya saboda gunjin wuta. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce alawus ɗinsa haraji yana hawa kansa, ita ta sa shi inda bai dace ba, wata takwas ana cire masa ƙasa da abin da ya kamata, yanzu ana binsa dubu ashirin da shida. Ta ce kuskurenta ne, ya yafe mata. Ta ce in ya yarda, ita za ta ba shi kuɗin daga aljihunta ya biya.

Ya daɗe yana kallon takardar. Sai ya tashi ya buɗe wani ƙaramin kabad da ke jikin bango, ya ciro gwangwanin madara babba, ya dawo ya zauna. A ciki takardun albashi ne, kowace an ninke ta huɗu, an ɗaure su da roba shekara shekara. A ƙarƙashinsu akwai ambulan.

"Ni ban yi boko mai nisa ba, Malama," in ji shi. "Amma aikina kallon allura ne. In na ƙara wuta, allura ta hau. In na ƙara wuta allura ba ta motsa ba, to wani abu ya toshe. Tun watan Yuni na ga kuɗi ya ƙaru, haraji yana nan inda yake."

Ta dube shi. "Ka gani? Me ya hana ka faɗa mini?"

"Na hawo bene zan faɗa. Na tarar da ke kin kifa kai a kan tebur kina barci, takardar asibiti a hannunki. Na koma. Wata na gaba na ce bari maigidan ya ƙara samun sauƙi. Daga nan kuma," ya sosa ƙeya, "kunya ta kama ni. Yaya zan zo in ce wa Uwar Albashi ta yi kuskure? Wa zai yarda da ni? Har na fara cewa ko gwamnati ce ta ji tausayin tsofaffi."

Dariya ta kuɓuce mata, hawaye na biye.

Ya buɗe ambulan ɗin. "Na ce dai kuɗin nan akwai na mutane a ciki. Sai nake ware dubu biyu duk wata. Na yi wata biyar. A na shida 'yata ta dawo gida da jikoki biyu, mijinta ya rasa aiki, to daga nan ban ƙara sakawa ba. Amma ban taɓa wannan ba. Dubu goma ne. Na ɗauka ma ya kusa isa."

"Da duka a kan goma cikin ɗari yake, da abin bai kai haka ba. Alawus ɗin ne ya tura ka mataki na sama, inda ake cire ashirin."

"Ashe girma ma da kuɗinsa," in ji shi. Ya jinjina kai. "Saura sha shida ke nan."

"Baba, bar ni in biya sha shidan."

"A'a."

"Don Allah."

"Malama, kuɗin nan ni na ci shi. Jikokina sun sha madara da shi, na sayi katifa. Ke me kika ci? Ga mara lafiya a gida." Ya mayar da murfin gwangwanin. "Abu ɗaya nake roƙo, kada a kwashe mini a tashi ɗaya. In an bar ni da dubu biyu-biyu, na saba da rashinsu."

Wata allura ta motsa, ya miƙe ya murɗa wani ƙarfe, tururi ya yi tsaki ya lafa. Ta zauna tana kallon bayansa, rigar ta jiƙe da gumi ta manne. Shekara ashirin da huɗu tana rubuta wa mutumin nan lambobi, ta ɗauka ta san shi, ba ta san yana da 'ya ba.

Manaja ya amince. Aka rubuta takarda: ya biya dubu goma hannu, aka ba shi rasit, sauran dubu goma sha shida za a cire dubu biyu kowane wata daga Janairu zuwa Agusta. Ya sa hannu a ofishin akanta, a hankali, harafi bayan harafi. Ranar Juma'a masana'anta ta tura wa hukumar haraji dubu ashirin da shida tare da ɗan kuɗin jinkirin da aka ɗora, da wasiƙar bayani. Uwar Albashi ta gyara lissafin watanni takwas ɗin, ta fitar masa da takardar shaidar harajin shekara mai nuna dubu tamanin, an biya duka. Sannan ta koma kan layi na tamanin da takwas. Sauran hamsin da ukun ba a sami komai ba, sai wani direba da aka cire wa ɗari bakwai fiye da kima saboda ya yi wata guda ba albashi, aka mayar masa, ya yi ta murna kamar ya ci gasa. Rahoton shekara ya tafi saura kwana huɗu wa'adi ya cika.

An rubuta mata takardar jan kunne, gajera, akanta ya kawo da kansa yana kallon ƙasa. Ta karanta ta sa hannu ta saka a fayil ɗinta. Ita ce ta ba da shawarar cewa daga yanzu duk sabon alawus sai mutum biyu sun duba gurbin da aka sa shi, kuma a riƙa gwada lissafin shekara duk wata uku, ba sai Janairu ba. Aka karɓa.

Labarin ya zaga masana'antar, kamar yadda labari ke yi. Direbobi suka ɗan tsokane ta. Wani ya leƙo ofis ya ce, "Uwar Albashi, ni ma a yi mini irin kuskuren nan mana, ko na wata biyu ne." Ta ce masa ya zo Janairu ya ga yadda ake biya. Abin da ya ba ta mamaki shi ne mutane suka fara hawowa da takardunsu suna tambaya, wannan na mene ne, wancan me ya sa ya ƙaru. Da can karɓa kawai suke yi su tafi. Ta sa aka kawo kujera ta biyu ɗakin.

Ƙarshen Janairu Mai Tukunya ya hawo. Ya karɓi takardarsa, amma bai ninke ba. Ya zauna a sabuwar kujerar, ya nisanta takardar da idonsa, ya bi ta da yatsa: haraji dubu takwas, biyan giɓi dubu biyu. Abin da zai kai gida ya ragu da dubu biyar da ɗari biyar.

"Ya yi zafi, Baba?"

"Ya yi," in ji shi. "Amma mijin yarinyar ya sami gadi a wani kanti, za su koma ɗakinsu wata mai zuwa. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi. Jiya ya kai bakin titi da sanda. Yana cewa a kai shi shago, wai agogunan mutane suna jiransa."

"A kai shi mana. Zama ne ke kashe mu." Ya laluba aljihu ya ciro wani tsohon agogon hannu marar maɗauri, gilashinsa ya yi hazo. "Wannan na yayana ne, marigayi. Shekara tara ke nan da ya tsaya. In hannun ya yarda, ya duba mini. Ba sauri."

Ta kai agogon gida a cikin ambulan. Mijin ya juya shi a tafin hannu, ya sa auta ta ɗauko masa madubinsa da ƙananan ƙarafa. Hannun bai yarda ba a ranar, ko a wannan makon. Auta ce take riƙe masa agogon yana kwancewa da hannun hagu, suna faɗa a kan wanda ya jefar da ƙaramin dunƙulen ƙarfe, su ukun suna rarrafe a tsakar gida suna nema. Sai a tsakiyar Maris agogon ya tashi. Da aka tambayi mijin kuɗin gyara, ya ce a gaya wa Baba dubu ashirin da shida ne, amma za a iya raba masa.